Fom ya ƙi tafiya a waya bayan an kunna tanadin data

Tambaya daga wata ɗaliba a Tawa: «Assalamu alaikum. Ina cike fom na neman shiga wata makaranta ta wayata. Na kunna tanadin data a burauza saboda forfe ɗina ba ya jimawa. Idan na zaɓi jihar Tawa, wurin zaɓen gunduma ba ya buɗewa, hoton haruffan da ake cewa a kwafa ya dushe, kuma na danna Envoyer sau uku babu abin da ya faru. Rezo ne, ko wayar ce ta lalace? In na kashe tanadin, ba zai cinye mini megata ba?»

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wayarki lafiya lau take, kuma da wuya laifin na rezo ne. Alamun nan uku idan suka taru a shafi ɗaya, kusan kullum tanadin data mai tsanani ne, irin wanda ke cikin Opera Mini da ire-irenta. Ki fara duba ko fom ɗin ya riga ya tafi; idan bai tafi ba, ki kashe tanadin kafin ki fara cike shi, ki cike, ki aika, sannan ki mayar da tanadin. Wannan ita ce gajeriyar amsa. Amma aikina gina shafukan intanet ne a Yamai, kuma na san idan mutum bai gane abin da ke faruwa a ƙarƙashi ba, gobe zai sake faɗawa ciki a wani shafin, wataƙila ma a shafin biyan kuɗi inda ɓarnar ta fi haka. Don haka ki ba ni ɗan lokaci.

Idan kika buɗe shafi a burauza ta yau da kullum, wayarki ce ke zuwa kai tsaye wurin kwamfutar da shafin yake ajiye, ta kwaso rubutu da hotuna da kuma wasu ƴan umarni da ake rubutawa da harshen JavaScript. Waɗannan umarnin a cikin wayarki suke aiki. Su ne ke lura da cewa kin taɓa wani wuri, su buɗe jerin gundumomi, su duba ko lambar wayar da kika rubuta ta cika takwas, su tattara abin da kika cike su aika. Shafin yana raye a hannunki muddin yana buɗe.

Tanadi mai tsanani, wanda Opera Mini ke kira Extreme, ba haka yake yi ba. Wayarki ba ta zuwa shafin sam. Tana gaya wa wata kwamfuta ta kamfanin burauzar, wadda ke wata ƙasa, cewa ga adireshin da nake so. Waccan kwamfutar ce ke buɗe shafin, ta bar umarnin JavaScript su yi aiki na ƴan daƙiƙu kaɗan, ta tsayar da su, ta matse hotuna, ta dunƙule abin da ya fito a wani ƙaramin tsari da ake kira OBML, sannan ta turo miki. Abin da kike gani a allo kwafin shafin ne kamar yadda yake a daidai lokacin da aka tsayar da shi. Kamar ki aiki yaro ofis ya kawo miki kwafin takarda: za ki iya karanta ta tsaf, amma duk tambayar da ta taso sai ya sake komawa ofishin, kuma idan ya daɗe a hanya yana iya tarar da an ɗauke takardarki daga kan teburi.

Dabarar ba ta banza ba ce. Opera Mini ta fito wa duniya a 2006, lokacin ƙananan wayoyi masu maɓallai da rezo mai jan ƙafa, kuma kamfanin yana cewa tanadin yana iya kaiwa kashi 90 cikin ɗari. Ga mai karanta labarai ko sakamakon ƙwallo a ƙauyen da sanda ɗaya ta rezo ke zuwa tana komawa, har yau babu kamarta. Matsalar ita ce injin da ke buɗe shafukan a can, mai suna Presto, tsoho ne. Kamfanin da kansa ya daina amfani da shi a burauzarsa ta kwamfuta tun 2013, ya bar shi yana yi wa Mini aiki. Shafukan da ake ginawa yanzu kuwa, musamman na rajista da na biyan kuɗi, sun dogara ne da abubuwan da suka zo bayan wannan shekarar.

Mu bi fom ɗinki gida-gida, ki ga inda kowane abu ya karye.

Suna da sunan uba ba sa ba da wahala, domin rubutu ne kawai a akwati. Rigima tana farawa a Région. Wanda ya gina fom ɗin bai zuba dukkan gundumomin Nijar a akwati na biyu ba. Ya bar shi fanko, ya rubuta umarni cewa idan mutum ya zaɓi jiha, a je a ɗauko gundumomin wannan jihar kaɗai. Kin zaɓi Tawa, ya kamata nan take Ƙonni da Madawa da Buza da Illela da Keita da Abalak da sauransu su bayyana a ƙasa. A burauza ta yau da kullum wannan aikin ƙiftawar ido ne. A Extreme kuwa umarnin ba ya cikin wayarki. Sai wayar ta aika wa kwamfutar kamfanin cewa an zaɓi Tawa, ita ta zaɓa a nata kwafin, ta jira shafin makarantar ya ba ta jerin, ta sake turo miki shafin gaba ɗaya. Shi ya sa za ki ga allo ya yi ƙyaftawa, shafin ya sake lodi don kawai kin taɓa akwati ɗaya. Idan kwamfutar makarantar ta yi jinkirin amsawa, abin da ke yawan faruwa a kwanakin ƙarshe na rajista lokacin da kowa ya rufar mata, ƴan daƙiƙun nan sai su ƙare kafin jerin ya iso, a turo miki shafin da Département ɗinsa fanko. Idan kuma an rubuta umarnin da sabon salon da tsohon injin bai iya karantawa ba, ko kusa ba za a je ɗauko jerin ba, ko da kin zaɓa sau goma. Kuma tun da Commune yana jiran Département, shi ma ya mutu.

Ranar haihuwa tana da nata tarko, kuma shi ne ya fi ba ni haushi domin ba ya nuna kansa. Akwai wani akwati na musamman da idan an taɓa shi kalanda ke fitowa a zaɓi rana. Duk yadda allo ya nuna ranar, abin da akwatin ke aikawa a ɓoye shi ne shekara, wata, rana, kamar 2004-03-12. Extreme bai san wannan akwatin ba, sai ya mayar da shi akwatin rubutu kawai. Ke kuma ki rubuta 12/03/2004 kamar yadda aka koya mana a lakkol. Shafin ya karɓa bai gane ba, ko dai ya ce ranar ba daidai ba ce ba tare da ya faɗi dalili ba, ko, wanda ya fi muni, ya ajiye fom ɗin babu ranar haihuwa. Idan kika ga wurin kwanan wata bai fito da kalanda ba alhali a wayar ƙawarki yana fitowa, wannan ma shaida ce.

Sai hoton haruffan nan da ake cewa a kwafa don a tabbatar mutum ne. Da gangan ake karkata haruffan, a ja musu layuka, a yayyafa ɗige-ɗige. Matse hoto kuwa aikinsa shi ne zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya damuwa da su. A hoton fuska ko na kasuwa ba a lura sosai. A hoton da duk ma'anarsa tana cikin siraran layuka, 8 sai ta koma B, 5 ta koma S, 0 da O su zama abu ɗaya. Idan kuma irin ɗaya gwajin ne, na akwatin da ake taɓawa ko na zaɓen hotunan motoci, shi ya dogara ne kacokan ga umarnin da ke aiki cikin waya, don haka sau da yawa ko bayyana ba ya yi. Za ki ga fili kawai, ba ki ma san akwai abin da ya kamata ya kasance a wurin ba.

Daga nan aka zo ga Envoyer. A tsohon salon gini, maɓallin aikawa yana kwashe abin da ke cikin akwatuna ya tura, ba ya buƙatar taimakon kowa, kuma irin wannan yana aiki a Extreme lafiya. A sabon salo maɓallin yana kiran umarni ne, umarnin ya duba kowane akwati, ya loda hoto, ya aika, ya nuna saƙo. Ko dai umarnin ya duba ya ga Département fanko ya ƙi aikawa, jan rubutun da ya kamata ya gaya miki haka kuma bai fito ba, ko kuma kin daɗe kina rubutu har kwamfutar kamfanin ta saki kwafin da take riƙe miki. Akwai kuma hanya ta uku, kuma ita ce ta sa nake cewa kada ki sake cike fom ɗin tukuna: yana yiwuwa ya tafi, saƙon tabbatarwa ne kawai bai iso allonki ba. Kin danna sau uku. Kafin komai ki duba imel ɗinki da saƙonnin SMS, ki shiga asusunki a shafin da wata burauzar, ki ga ko akwai lambar dosiye da aka ba ki. Idan akwai, an gama, kada ki ƙara. Idan kika ga dosiye biyu ko uku da sunanki, ki tuntuɓi makarantar a soke na banza, domin rajista mai maimaici tana iya jawo tsaiko daga baya. A shafin biyan kuɗi wannan dannawar ta biyu tana iya zama biya na biyu.

Don ki tabbatar da abin da na faɗa ba sai kin je wurin mai gyaran waya ba. Ki kwafi adireshin shafin, ki buɗe Chrome a wayar nan, a wurin nan da kike zaune, da rezon nan, ki liƙa shi. Ki zaɓi Tawa. Idan gundumomi suka fito, magana ta ƙare, tanadin ne. Idan a nan ma ya ƙi amma sauran shafuka suna buɗewa da sauri, matsalar daga shafin makarantar take, sai ki gwada da sassafe bayan asuba ko da dare lokacin da cunkoso ya ragu. Idan komai yana jan ƙafa, har saƙon murya ba ya tafiya, to rezon ne ko forfe ya ƙare. Rashin rezo yana sa abu ya yi ta juyawa bai gama ba. Tanadi mai tsanani kuwa yana kawo shafin da sauri ƙwarai, a kammale a ido, amma ki taɓa ya ƙi motsi. Saurin nan ne ke ruɗin mutane, su ce ai shafin ya buɗe.

Na ce Chrome ne saboda ita yanzu ba ta da irin wannan tanadin. Ta taɓa yin nata, wanda aka sake wa suna Lite mode a 2019, amma an cire shi a 2022 da fitowar siga ta 100. Duk wanda ya ce miki ki shiga Chrome ki kashe Lite mode yana ba ki tsohon bayani ne, sai fa idan wayar ta shekara da shekaru ba a sabunta ta ba. Akwai kuma wani abu mai kama da suna a cikin saitin wayar kanta, Économiseur de données, wanda ya zo da Android 7 a 2016. Shi ba ya matse shafi, ba ya bi da ke ta wata ƙasa. Aikinsa hana manhajoji shan data a bayan fage. Ba shi ne ya ɓata miki fom ba, sai dai yana iya tsayar da lodin hoto idan kika fita daga burauza kika koma wata manhaja ana tsakiyar lodawa. In kina loda takarda, ki zauna a shafin har ya gama.

Idan Opera Mini ɗin kike so ki ci gaba da ita, ki taɓa alamarta, ki shiga wurin Data savings, ko makamancinsa da Faransanci. Za ki tarar da Automatic, High, Extreme da Off. High yana buɗe shafin a cikin wayarki, don haka mafi yawan fom suna aiki a cikinsa. Automatic shi ke zaɓar miki gwargwadon ƙarfin rezo, kuma ni ba na son barin wannan zaɓin a hannunsa ranar da nake da aiki mai muhimmanci. Don fom ki sa Off. A nan ma ki duba ko toshe talla yana kunne, ki kashe shi na ɗan lokaci, domin wani sa'in yakan haɗa da abin da ba talla ba. Abin kiyayewa shi ne ki canja kafin ki rubuta harafi ɗaya. Idan kika canja a tsakiya shafin zai sake lodi, abin da kika cike ya goge, kuma sau da yawa za a fitar da ke daga asusunki, domin shaidar shigarki a kwamfutar kamfanin take, ba a wayarki ba.

Wannan maganar ta ƙarshe tana da wani ɓangare da ya kamata ki sani. Tun da waccan kwamfutar ce ke buɗe shafin a madadinki, dole ta kwance kullin sirrin da ke tsakaninki da shafin, ta karanta abin da ke ciki, sannan ta sake kulle shi ta turo. Kalmar sirrinki da lambar katin ɗan ƙasa da duk abin da kika rubuta suna ratsawa ta cikinta a buɗe. Ba ina zargin kowa da sata ba, tsarin ne haka, ba zai iya matse abin da bai gani ba. Amma hannu na uku ya shiga, kuma ga banki da biyan kuɗi ni ba na yarda da hannu na uku. Ƙari a kan haka, shafin yana ganin ziyarar kamar daga ƙasar da kwamfutar take ta fito, ba daga Nijar ba, sai wani shafin ya tsananta bincike ko ya rufe ƙofa.

A kan hotuna kuwa, siffar lalacewar tana gaya miki dalili. Idan duk hotuna sun dushe, ingancin hoto ne aka sa a ƙasa, sai ki ɗaga shi a saitin Images. Idan babu hoto ko ɗaya a kowane shafi, an kashe su ne gaba ɗaya a wurin nan, wataƙila ƙanenki ne da ya ari wayar. Idan kika ga ƙananan akwatuna fanko inda ya kamata a ga alamar bincike ko kibiya ko layuka ukun nan na jerin zaɓi, alamomin an yi su ne da wani nau'in haruffa na musamman da Extreme ba ya saukewa, kuma sau da yawa in kika taɓa akwatin fankon yana aiki. Mai ban sha'awa shi ne idan hotunan sama suka fito amma na ƙasa suka zama farin fili. Masu gini da yawa suna rubuta hoto kamar haka:

```
<img src="fanko.gif" data-src="takarda.jpg">
```

Ma'anarsa a fara nuna fanko, sai mutum ya gangaro kusa sannan umarni ya musanya shi da hoton gaske. Ke kina gangarawa a wayarki, amma kwamfutar da ke can ba ta san kin gangara ba, don haka musanyar ba ta faruwa. Abin dariya, wannan dabarar ma don tanadin data aka ƙirƙire ta, sai tanadi biyu suka yi karo. Ga abokan sana'ata da za su karanta wannan: ku sa adireshin hoton na gaske a src, ku ƙara loading="lazy", burauzar da ta iya ta jinkirta, wadda ba ta iya ba ta nuna hoton kawai. Kuma ku gwada fom ɗinku a Extreme kafin ku sake shi, domin ɗaliban Bagaruwa da Tasara ba da wifi na ofishinku za su cike shi ba.

Saura tsoronki na mega, wanda yake da hujja, amma mu yi lissafi. Shafin intanet na yau da kullum a waya yana kai mega biyu zuwa uku idan ba a matse shi ba. A ce fom ɗinki yana da matakai biyar, kuma a ce kowanne ya ci mega uku, ko da yake matakan baya sun fi na farko sauƙi saboda wayar ta riga ta ajiye wasu kayan. Mega goma sha biyar ke nan. Ki ƙara hoton fuska da na takardar haihuwa da na sakamakon jarrabawa, kowanne kamar mega uku idan kai tsaye daga kyamara ya fito, tara ke nan. Duka bai kai mega talatin ba, abin da bidiyon ƴan mintuna ke cinyewa. Kuma taran nan ta hotuna ko da tanadi ko babu za ki biya ta, domin tanadin yana matse abin da ke shigowa ne, ba abin da kike turawa ba. Idan kina son rage ta, ki rage girman hotunan a wayar kafin lodawa, ki kuma karanta iyakar da shafin ya sa, domin hoton da ya wuce iyaka shi ma yakan hana Envoyer tafiya a kowace burauza. Ki dai buɗe wanda kika rage ki tabbatar rubutu da hatimi suna karantuwa.

Abin da ke cinye forfe a irin wannan ranar ba fom ɗin ba ne, sabunta manhajoji ne da bidiyoyin da ke sauka da kansu daga rukunonin hira da zarar kin kunna data. A nan ne Économiseur de données na wayar yake da amfani: ki bar shi a kunne, ki kashe na burauza. Bayan kin aika, ki sauke takardar shaidar rajista tun tanadin yana kashe, ainihin fayil ɗin PDF ba hoton allo ba, musamman idan tana ɗauke da lambar nan mai murabba'i da ake haska wa kyamara a bakin ƙofa. Ki rubuta lambar dosiye a takarda da biro, sannan ki mayar da Extreme ɗinki ki ci gaba da karanta labarai. Allah ya ba da sa'a.